Darasi: Faɗuwar Jari daga Ƙololuwa da Wahalar Farfaɗowa

Duk mai saye da sayarwa a kasuwar hannun jari, ko ta canjin kuɗaɗe, ko ta kuɗin intanet, yana da asusu wanda adadin da ke cikinsa ke hawa yana sauka gwargwadon cinikin da ya ƙulla. Faɗuwa daga ƙololuwa ita ce tazarar da ke tsakanin adadi mafi yawa da asusun ya taɓa kaiwa da adadin da ya gangaro zuwa gare shi daga baya, kafin ya sake hawa ya wuce wancan matsayi na farko. Ana auna ta da kashi cikin ɗari na ƙololuwar, ba na kuɗin da aka fara zubawa ba, kuma a rahoton da manhajojin ciniki irin su MetaTrader suke fitarwa mai ciniki zai same ta a rubuce da sunan `Drawdown`, mafi girmanta a adadin kuɗi a tarihin asusun kuwa da sunan `Maximal drawdown`.

Wannan bambanci na abin da ake aunawa da shi yana da nauyi. Mutumin da ya zuba naira 400,000, asusunsa ya hau zuwa naira 500,000, sannan ya gangaro zuwa naira 420,000, yana iya cewa har yanzu riba yake ci, tunda uwar kuɗinsa tana nan da ƙarin naira 20,000 a kai. Ta fuskar awon faɗuwa kuwa, naira 80,000 ta fita daga cikin 500,000, wato kashi 16 cikin ɗari, kuma wannan adadi shi ne yake nuna irin cizon da hanyar cinikinsa take iya yi, domin da a ce ya fara ne a ranar da asusun yake ƙololuwa, da uwar kuɗin ce za ta sha wannan duka.

Dalilin da ya sa hawa ya fi sauka tsawo

Tushen darasin gaba ɗaya lissafi ne guda: asara ana cire ta ne daga babban adadi, ita kuwa ribar da za ta rama ana neman ta ne da ƙaramin adadin da ya rage. Ɗan kasuwar da ya ajiye buhun masara lokacin da ake sayar da shi naira 40,000, farashi ya karye zuwa naira 20,000, ya yi asarar rabi, amma idan farashin ya ƙaru da rabin abin da yake kai yanzu, naira 30,000 kawai zai kai. Sai farashin ya ninka kansa, wato ya tashi da kashi 100 cikin ɗari, sannan buhun zai koma darajarsa ta da. Haka lamarin yake ga kowane asusu, kuma ana rubuta ƙa'idar kamar haka, inda `d` take tsaye a madadin faɗuwa, `r` kuma ribar da ake bukata, dukansu a matsayin yanki na ɗaya:

```
r = d / (1 - d)
```

Idan faɗuwar kashi 10 ce cikin ɗari, ana raba 0.10 da 0.90, a sami kimanin kashi 11, wanda bai yi nisa da abin da aka rasa ba. Faɗuwar kashi 20 tana neman ribar kashi 25, ta kashi 25 tana neman 33, ta kashi 50 tana neman 100, ta kashi 75 tana neman 300, ta kashi 90 kuwa tana neman 900. Abin lura shi ne cewa tazarar ba ta ƙaruwa da taki ɗaya. Ƙasa da kashi 20, abin da ake bukata da abin da aka rasa kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Daga kashi 30 zuwa sama sai su rabu, kuma kowane ƙarin asara yana tsawaita hanyar komawa fiye da wanda ya gabace shi. Kashi 10 na farko da aka rasa ya ɗora wa mai ciniki bashin maki 11 ne kawai, amma gangarowa daga faɗuwar kashi 50 zuwa ta 60 tana ɗaga abin da ake nema daga 100 zuwa 150.

Jerin asara ba baƙon abu ba ne

Da yawa daga sababbin 'yan kasuwa suna ɗauka cewa faɗuwa mai zurfi tana zuwa ne daga wata babbar musiba, kamar rushewar kasuwa ko yaudarar dillali. Waɗannan suna faruwa, amma abin da ya fi cinye asusu shi ne ƙananan asarori na yau da kullum idan suka jeru ɗaya bayan ɗaya, kuma jeruwar tasu ba ta bukatar wani dalili na musamman. Idan aka wulla kwabo sau 100, yiwuwar fuskar da mutum bai zaɓa ba ta fito sau biyar a jere, aƙalla sau ɗaya a cikin wullawar, ta kai kimanin kashi 81 cikin ɗari, yiwuwar ta fito sau shida a jere kuwa ta ɗan haura rabi. Kwabon bai lalace ba, haka dai sa'a take rarrabuwa idan aka maimaita abu sau da yawa.

A ɗauki mai ciniki wanda hanyarsa take da kyau ƙwarai: cikin kowane ciniki 100 yana cin riba a 45, yana faɗuwa a 55, amma duk lokacin da ya ci yana samun ninki ɗaya da rabi na abin da ya sa a kasada. Kasada a nan tana nufin adadin da ya yarda ya rasa a ciniki ɗaya, wanda yake ƙayyadewa da odar tsayar da asara, wato umarnin da ake bai wa dillali tun farko cewa ya rufe cinikin da zarar farashi ya kai wani mataki. Idan kasadarsa naira 10,000 ce a kowane ciniki, nasarori 45 za su kawo naira 675,000, asarori 55 su ɗauke naira 550,000, a bar masa ribar naira 125,000 kafin a cire ladan dillali. Wannan hanya ce mai riba ba tare da tantama ba. Duk da haka, yiwuwar mai ita ya gamu da asara takwas a jere cikin ciniki 200, adadin da mai ƙulla ciniki ɗaya a kowace ranar aiki zai cika kafin shekara ta zagayo, ta ɗan haura rabi. Ke nan asara takwas a jere abu ne da ya kamata ya sa a lissafinsa tun kafin ya buɗe asusu.

Asara takwas, asusu uku

A ƙaddara mutum uku sun fara da naira 500,000 kowannensu, suna bin wannan hanya ɗaya, suna shiga ciniki ɗaya a lokaci ɗaya, kuma asara takwas ɗin nan ta same su tare. Bambancinsu guda ne tak, shi ne yawan abin da kowa yake sawa a kasada.

Na farko yana sa kashi 2 cikin ɗari na abin da ke asusunsa a lokacin. Asarar farko ta ɗauke naira 10,000, ta biyu naira 9,800, tunda kashi 2 na 490,000 ake cirewa, haka adadin yake raguwa kaɗan-kaɗan har zuwa ta takwas, inda zai tarar da kimanin naira 425,400. Ya faɗi da kusan kashi 15, kuma yana bukatar ribar kimanin kashi 17.5 domin ya koma inda ya fito. Akwai ciwo, amma jari yana nan, hankali ma yana nan.

Na biyu ya ga naira 10,000 ta yi masa kaɗan, don haka yana sa kashi 10. Lissafinsa ya cancanci a bi shi daki-daki, domin a idon mai shi babu wani mataki guda da ya yi kama da halaka. Bayan asarar farko yana da naira 450,000, bayan ta biyu 405,000, ta uku 364,500, ta huɗu 328,050. A nan ya riga ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku, alhali asara huɗu a jere abu ce da take faruwa kusan kowane wata ga mai yawan ciniki. Ta biyar ta kai shi 295,245, ta shida kimanin 265,700, ta bakwai 239,100, ta takwas kuma 215,200. Faɗuwarsa kashi 57 ce, ribar da yake bukata kuwa kashi 132, wato sai ya ninka abin da ya rage masa ya kuma ɗora kusan kashi ɗaya cikin uku na shi a kai.

Na uku shi ma ya fara da naira 50,000 a matsayin kasada, amma bai rage ta ba yayin da asusun yake ramewa, domin ya saba da wannan adadi. Asara takwas ta ɗauke naira 400,000 cif, ta bar shi da naira 100,000, faɗuwar kashi 80 ke nan wadda take neman ribar kashi 400. Abin da ya fi muni shi ne cewa naira 50,000 da ta kasance kashi 10 na jarinsa a rana ta farko yanzu ta zama rabinsa, ko da yake shi a ransa bai canza komai ba, kuma asara biyu nan gaba za su rufe asusun.

Kasuwa ɗaya, hasashe ɗaya, rashin sa'a ɗaya, amma ɗaya ya sami ƙwarzane, ɗaya karaya, na uku kuwa yana bakin kabari. Wannan ya nuna cewa zurfin faɗuwa ba ingancin hasashe ne kaɗai yake yanke shi ba. Girman kasada ya fi yanke shi, kuma shi ne abu guda da yake hannun mai ciniki ɗungurungum.

Tsawon lokacin farfaɗowa

Ana iya cewa mai kashi 10 zai farfaɗo da sauri, tunda ribarsa ma babba ce idan ta zo. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake zato ba, kuma ana iya gwada ta da ciniki 20 waɗanda suka bi matsakaicin hanyar, wato nasara 9 da asara 11. Ga mai kashi 2, kowace nasara tana ƙara kashi 3, kowace asara tana rage kashi 2, kuma idan aka haɗa su ta hanyar ninkawa asusun zai ƙaru da kimanin kashi 4.5. Ga mai kashi 10, nasara tana ƙara kashi 15, asara tana rage 10, sakamakon kuwa ƙarin kimanin kashi 10.4 ne. Kasadarsa ta ninka ta mai kashi 2 sau biyar, amma bunƙasar jarinsa ba ta kai ninki biyu da rabi na ta wancan ba, saboda kowace babbar asara tana rage jarin da riba ta gaba za ta yi aiki a kansa. Da wannan taki, na farko yana bukatar ciniki kamar 75 kafin ya cike giɓinsa, na biyu kuwa kamar 170, kuma a cikin waɗannan 170 akwai kyakkyawar yiwuwar wani jerin asarar ya sake riskarsa tun bai fito daga ramin farko ba.

Idan aka ƙara kasadar zuwa kashi 20, sai wani abu ya bayyana wanda ya kamata kowane ɗalibi ya lissafa da hannunsa domin ya gaskata. Nasara 9 masu ƙara kashi 30 kowacce, da asara 11 masu rage kashi 20 kowacce, suna barin asusun da kimanin kashi 91 na abin da ya fara da shi, ko da wane tsari suka zo. Hanyar da take kawo riba ga mai taka-tsantsan ta koma mai cin jari ga mai zari, ba tare da wani jerin asara na musamman ya faru ba. Garin neman ƙiba an samo rama, kuma a nan lissafi ne ya tabbatar da hakan.

Kasuwanni sukutum ma suna bin wannan ƙa'ida. Ma'aunin farashin dukan hannayen jari na kasuwar Najeriya da ke Legas ya kai maki sama da 66,000 a watan Maris na 2008, a lokacin da mutane da yawa suke karɓar rance daga bankuna suna sayen hannun jari. Shekara guda bayan haka ya gangaro ƙasa da maki 20,000, faɗuwar kimanin kashi 70 cikin ɗari, wadda take bukatar hawan fiye da kashi 230. Ma'aunin bai wuce ƙololuwar 2008 ba sai a watan Agusta na 2023. Saukar ta ɗauki shekara ɗaya, komawar ta ɗauki fiye da shekara goma sha huɗu, kuma ko a lokacin da adadin ya koma, nairar 2023 ba ta sayen abin da nairar 2008 take saya. Da yawa daga waɗanda suka saya da kuɗin aro ba su ma sami damar jira ba, domin hannayen jarin da suka jinginar sun gaza biyan bashin da ke kansu.

Kurakuran da suke zurfafa rami

Mafi haɗarin abin da mai ciniki yake yi a tsakiyar faɗuwa shi ne ƙara kasada domin ya rama da wuri. Fitacciyar sigar wannan ita ce ninka adadi bayan kowace asara, bisa tunanin cewa nasara ɗaya za ta share duk abin da ya gabata. Mai naira 500,000 da ya fara da 10,000, ya bi da 20,000, sai 40,000, sai 80,000, sai 160,000, ya rasa naira 310,000 a asara biyar. Mataki na shida yana neman naira 320,000, shi kuwa 190,000 ce ta rage masa, don haka dabarar ta mutu a daidai inda aka fi bukatarta. An riga an ga cewa asara biyar a jere abu ce da ta fi kusa da tabbas cikin ciniki 100. Tushen kuskuren shi ne zaton cewa kasuwa tana bin mutum bashin nasara bayan ya sha asara, alhali ciniki na shida bai san abin da ya faru a biyar ɗin baya ba.

Kuskure na biyu shi ne ɓoye wa kai faɗuwar. A allon ciniki akwai adadi biyu: `Balance`, wanda yake nuna kuɗin asusu bisa cinikin da aka rufe kaɗai, da `Equity`, wanda yake haɗawa da riba ko asarar cinikin da yake buɗe. Mai cinikin da ya cire odar tsayar da asara, ya bar ciniki yana zubar da jini da fatan farashi zai juyo, zai ga adadi na farko bai motsa ba, sai ya ɗauka bai yi asara ba tukuna. Dillali kuwa adadi na biyu yake kallo, kuma idan an yi cinikin da ƙarfin aro, wato an riƙe kaya masu darajar da ta ninka kuɗin da aka ajiye jingina, dillalin zai rufe cinikin da kansa da zarar jinginar ta gaza, galibi a mafi munin farashi. Saboda haka da adadi na biyu ake auna faɗuwa ta gaskiya. Haka nan zuba sabon kuɗi daga albashi ko daga wata sana'a yana cike adadin da ke allo ba tare da ya gyara komai ba, kuma wajibi ne a ware shi a lissafi, in ba haka ba mutum zai shekara yana ciyar da hanyar da take cin kuɗinsa yana zaton ta tsaya da ƙafarta.

Ita ma odar tsayar da asara tana da iyaka. Ranar 15 ga Janairu 2015, Babban Bankin Suwizalan ya janye iyakar da ya sa wa kuɗin ƙasarsa ta faran 1.20 a kan yuro ɗaya ba tare da gargaɗi ba, farashi ya yi tsalle cikin mintuna, aka rufe cinikin mutane da yawa nesa da inda suka sa odarsu, har asusun wasu ya koma bashi. Kasadar da aka lissafa kashi 2 tana iya zama fiye da haka a irin wannan rana, wanda ƙarin dalili ne na barin sarari.

Bambance rashin sa'a da lalacewar hanya

Tambayar da take damun mai ciniki a tsakiyar faɗuwa ita ce ko ya ci gaba ko ya tsaya, kuma ba a amsa ta da abin da zuciya take raya masa. Ana amsa ta da littafin ciniki, inda aka rubuta kowace shiga da fita, da dalilinta, da kasadar da aka sa. Idan littafin ya nuna cewa an bi ƙa'ida a kowane ciniki, kowace asara ta tsaya a kan adadin da aka ƙayyade, kuma tsawon jerin bai wuce abin da lissafin yiwuwa ya nuna ba, to faɗuwar ta al'ada ce. Idan kuwa asarorin sun fara fin adadin da aka tsara girma, ko ribar nasarori ta ragu daga ninki ɗaya da rabi zuwa ƙasa da ɗaya, ko faɗuwar ta zarce mafi zurfin da hanyar ta taɓa nunawa da tazara mai yawa, to ko dai yanayin kasuwa ya sauya ko mai cinikin ya daina bin tsarinsa. Ciniki goma ko ashirin ba su isa a yanke wa hanya hukunci ba, ko na yabo ko na suka, domin sa'a kaɗai tana iya cika wannan adadi da nasara ko da asara.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara lissafi daga ƙarshe. Mai ciniki ya fara yanke iyakar faɗuwar da zai iya ɗauka ba tare da abincin gidansa ko natsuwarsa sun taɓu ba, a ce kashi 20, sannan ya ƙaddara jerin asarar da ta fi wadda yake tsammani tsawo, a ce goma sha biyu, ya nemo kasadar da za ta tsayar da shi cikin iyakar. Kashi 2 sau goma sha biyu yana kai faɗuwa kimanin kashi 21.5, wato ya ɗan ƙetare, kashi 1.5 kuwa yana tsayawa kusa da kashi 16.6, don haka na biyun ne ya dace da shi. Wasu suna ƙara sharaɗin rage kasada zuwa rabi idan faɗuwa ta kai kashi 10, da dakatar da ciniki gaba ɗaya domin bincike idan ta kai iyakar. Wannan sharaɗi yana da tsada, tunda ƙaramar kasada tana jinkirta farfaɗowa, amma jinkiri abu ne da ake iya jurewa, ƙarewar jari kuwa ba ta barin abin da za a farfaɗo da shi. Ya kamata a rubuta waɗannan iyakoki a takarda tun asusun yana lafiya, domin mutumin da ya sha asara shida a jere ba shi ne ya cancanci ya yanke su ba.

Aikin ɗalibi

Ɗalibi ya ɗauki asusun naira 200,000, ya lissafa abin da zai rage bayan asara shida a jere idan kasada kashi 1 ce, sannan idan kashi 5 ce, sannan idan kashi 15 ce, yana cire kowace asara daga abin da ya rage ba daga adadin farko ba. Ga kowanne ya fitar da kashin faɗuwa, ya yi amfani da ƙa'idar da aka bayar ya nemo ribar da ake bukata. Wanda yake da asusu na gaske ya buɗe tarihin cinikinsa, ya nemo ƙololuwarsa da jerin asararsa mafi tsawo, ya ninka tsawon jerin sau biyu, ya lissafa abin da kasadarsa ta yanzu za ta bar masa idan hakan ta faru, kuma kada ya ƙulla wani sabon ciniki sai ya ga wannan adadi a rubuce a gabansa.